Amsa ga ɗalibin da lissafin mesh ya ba shi ampiya 4.2 a maimakon 3

"Assalamu alaikum, Malam, barka da aiki. A aikin gida da aka dawo mini da shi, da'irar tana da batir mai bolt 20 a reshen hagu, da rizisto mai om 2 a sama ta hagu, da mai om 4 a reshen tsakiya, da mai om 8 a sama ta dama, sai batir mai bolt 4 a reshen dama, kuma kowane batir kansa mai alamar tarawa yana sama. Na juya I1, karant ɗin zagayen hagu, da I2, na zagayen dama, duka biyun yadda hannun agogo yake juyawa, na sami I1 = 1.6 A da I2 = −2.6 A, wato ampiya 4.2 a reshen tsakiya, amma Malam ya rubuta cewa ampiya 3 ce amsar. Na mayar da amsoshina cikin ikweshan ɗina, sun zauna daidai. Ko alƙiblar da na zaɓa wa I2 ce ba daidai ba?"

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Na sake ɗauko takardarka na bi ta layi bayan layi, kuma alƙiblar da ka zaɓa ba ta da laifi ko kaɗan, haka ma aljabararka ta tafi daidai daga farko har ƙarshe. Kuskuren guda ɗaya ne tak, yana cikin ikweshan na biyu, a wurin da ka rubuta boltejin rizisto mai om 4 wanda mesh biyun, wato zagayen hagu da na dama na da'irar, suka yi tarayya a kansa. Ga layuka biyun kamar yadda suke a takardarka:

```
(1)  -20 + 2·I1 + 4(I1 - I2) = 0
(2)  4(I1 - I2) + 8·I2 + 4 = 0
```

Layi na farko daidai yake. A layi na biyu kuwa ka ɗauko 4(I1 − I2) daga layi na farko ka ajiye shi yadda yake, alhali abin da ya kamata ya zauna a wurin shi ne 4(I2 − I1). Domin mu fahimci juna, bari mu kira mahaɗar sama, inda rizisto ukun suka haɗu, da sunan A, mu kira wayar ƙasa wadda ta haɗa rassan uku da sunan B, mu kuma ɗauki boltejin B a matsayin sifili.

Dokar boltej ta Kirchhoff, wadda ya fitar a shekarar 1845, cewa take yi idan mutum ya tashi daga wani wuri a cikin da'ira, ya bi rassa har ya komo inda ya tashi, to jimillar hawa da saukar boltej da ya ci karo da su sifili ce. Abin da ɗalibai da yawa ba sa lura da shi a wannan magana shi ne cewa akwai tafiya a cikinta, kuma alamar kowane ɓangare na ikweshan ta dogara ne da inda mai tafiyar ya fuskanta a lokacin da yake ratsa reshen. Idan ka ratsa rizisto kana fuskantar inda karant yake gudu, boltej sauka yake yi, idan kuma ka ratsa shi kana tunkarar karant ɗin, boltej hawa yake yi. Girman boltejin bai canza ba a tafiya biyun, amma alamarsa ta juya.

Yanzu mu yi tafiyar a da'irarka. A mesh na hagu ka tashi daga B, ka hau ta batir mai bolt 20, ka bi ta rizisto mai om 2 zuwa A, sannan ka sauko ta reshen tsakiya daga A zuwa B. A cikin wannan reshe I1 ƙasa yake yi, I2 kuwa sama yake yi, domin reshen shi ne gefen dama na mesh na farko kuma shi ne gefen hagu na mesh na biyu. Tun da kai ƙasa kake yi, karant ɗin da yake tafiya tare da kai shi ne I1 − I2, saukar boltej kuma 4(I1 − I2) ce, kamar yadda ka rubuta. A mesh na dama sai lamarin ya juya, saboda tafiya irin ta hannun agogo tana sa ka haura ta wannan reshe ne daga B zuwa A, kafin ka bi ta rizisto mai om 8 ka sauko ta batir mai bolt 4. Wanda yake tafiya tare da kai yanzu shi ne I2, wanda yake tunkarar ka kuma shi ne I1, don haka saukar boltej a alƙiblar tafiyarka ita ce 4(I2 − I1). Da ka rubuta 4(I1 − I2) a nan, ma'anar layinka ta zama cewa boltej yana sauka daga A zuwa B da wani adadi, kuma yana sauka daga B zuwa A da wannan adadin dai, abin da ba zai yiwu ba sai idan adadin sifili ne.

Ina jin na gane abin da ya kai ka ga wannan. Ka yi tunanin cewa tun da rizisto ɗaya ne, kuma karant ɗaya ne yake ratsa shi, to dole abin da aka rubuta masa a ikweshan na farko shi za a maimaita a na biyu. Rabin wannan tunani gaskiya ne, domin karant ɗin da yake saukowa ta reshen tsakiya I1 − I2 ne ko daga wane mesh aka dube shi. Idan kana son riƙe shi a wannan siffa babu laifi, amma sai ka sa masa alamar ɗebewa a gaba, ka rubuta −4(I1 − I2), saboda kana haurawa ne kana tunkarar sa. Wannan da 4(I2 − I1) abu ɗaya ne. Ƙa'idar da nake so ka riƙe a hannu ita ce, matuƙar ka juya dukan mesh ta alƙibla ɗaya, to a cikin ikweshan na kowane mesh karant ɗin wannan mesh shi yake zuwa a gaba cikin baka, na maƙwabcinsa kuma a ɗebe shi.

Idan aka gyara layin aka kuma tattara lambobin, ga abin da yake fitowa:

```
(1)   6·I1 -  4·I2 =  20
(2)  -4·I1 + 12·I2 =  -4
```

Raba ikweshan na biyu da 4 zai ba ka I1 = 3·I2 + 1. Idan ka zuba wannan a cikin na farko za ka sami 18·I2 + 6 − 4·I2 = 20, wato 14·I2 = 14, don haka I2 ampiya 1 ce, I1 kuma ampiya 4. Karant ɗin reshen tsakiya shi ne 4 a ɗebe 1, wato ampiya 3, yana saukowa daga A zuwa B, kuma bisa dokar Ohm boltejin A ya zama bolt 12.

Ka ce ka mayar da amsoshinka cikin ikweshan ɗinka sun zauna daidai, kuma na yarda da kai, domin 1.6 da −2.6 su ne halattattun amsoshin layuka biyun da ka rubuta. Sai dai wannan gwaji aljabara kawai yake tantancewa. Yana tabbatar maka cewa ka warware ikweshan ɗin ba tare da kuskure ba, amma ba ya iya gaya maka ko ikweshan ɗin yana bayyana da'irar da take gabanka. Gwajin da zai kama irin kuskurenka dole ne ya koma kan zanen da'irar, ya yi amfani da wani abu da ba ka riga ka yi amfani da shi ba wajen samo amsar.

Mafi sauƙin irin wannan gwaji shi ne a lissafa boltejin A ta kowane reshe daban, domin rassan uku duka tsakanin A da B suke, kuma mahaɗa ɗaya ba ta ɗaukar boltej biyu. Da amsar da ta dace, reshen hagu yana ba da 20 a ɗebe 2 sau 4, wato bolt 12. Reshen tsakiya yana ba da 4 sau 3, wato bolt 12. Reshen dama kuma yana ba da 4 a tara da 8 sau 1, nan ma bolt 12. Yanzu mu gwada da lambobinka. Reshen hagu zai ba da 20 a ɗebe 3.2, wato bolt 16.8, reshen tsakiya zai ba da 4 sau 4.2, shi ma bolt 16.8, kuma ba mamaki su biyun su yi daidai tun da ikweshan ɗinka na farko lafiya lau yake. Amma reshen dama zai ba da 4 a tara da 8 sau −2.6, wanda ya kama bolt −16.8. Ka dubi wannan lamba da kyau, domin girmanta daidai yake da na sauran biyun, alamarta ce kawai ta juya. Duk lokacin da ka ga rashin daidaito ya fito a wannan siffa, to ka san cewa ba wata lamba ce ka kwafa ba daidai ba, ba kuma ninkawa ce ta kuɓuce maka ba, alama ce aka juya a wani reshe, kuma reshen da boltejinsa ya yi daidai da wannan adadi shi ne wanda za ka fara bincika. Da ka bi zagayen waje ma, wanda bai ratsa reshen tsakiya ba, da ka tarar cewa maimakon sifili jimillar ta ba da bolt 33.6, wato ninki biyu na 16.8, kuma haka ake samu a duk inda aka tara abin da ya kamata a ɗebe.

Tun kafin a kai ga wannan gwaji ma, lambar −2.6 ita kaɗai ta isa ta tsayar da kai. Alamar ɗebewar tana nufin karant yana fitowa daga batir mai bolt 4, yana ratsa rizisto mai om 8 zuwa A. Hakan ba zai faru ba sai idan boltejin A bai kai bolt 4 ba, kuma ko da A ta sauka har sifili, abin da bolt 4 zai iya turawa ta cikin om 8 bai wuce rabin ampiya ba. A wannan da'ira kuwa batura biyun kawunansu masu alamar tarawa sama suke kallo, don haka babu abin da zai ja A zuwa ƙasa da sifili. Ampiya 2.6 ta ninka iyakar abin da zai yiwu fiye da sau biyar. Ina so ka saba da irin wannan duba na ɗan lokaci kaɗan, wato ka tambayi kanka iyakar karant ɗin da reshe zai iya ɗauka kafin ka amince da abin da kalkuleta ta ba ka, domin a wurin aiki wannan lamba ce za a dogara da ita a zaɓi kaurin waya da girman fis.

Lissafin ƙarfin wuta shi ma yana fallasa kuskuren, ko da yake ba ya nuna wurin da yake. Da amsar da ta dace, batir mai bolt 20 yana bayar da wat 80, rizisto ukun suna cinye wat 32 da 36 da 8, ƙaramin batir kuma yana karɓar wat 4, saboda karant yana shiga ta kansa mai alamar tarawa, wato caji ake yi masa. Jimillar abin da aka karɓa wat 80 ce cif. Da lambobinka kuwa batura biyun tare suna bayar da wat 42.4, amma rizisto ukun suna ƙona kusan wat 130, kuma da'ira ba ta kashe abin da ba a ba ta ba.

Akwai kuma gwajin da ake yi wa ikweshan ɗin kansu tun ba a fara warware su ba, kuma shi na fi so ka riƙa farawa da shi. Da ka tattara lambobin layinka na biyu, abin da ka samu shi ne 4·I1 + 4·I2 = −4. A da'irar da ta ƙunshi rizisto da batura kawai, idan an juya dukan mesh ta alƙibla ɗaya, lambar da take gaban karant ɗin mesh a cikin ikweshan nasa ita ce jimillar turjiyar dukan rizisto da suke kewaye da wannan mesh. Ga mesh na hagu 2 da 4 ne, wato 6, ga na dama kuma 8 da 4 ne, wato 12, amma kai 4 ka samu, lambar da ba ta ma kai turjiyar rizisto mai om 8 shi kaɗai ba. Sannan lambar da take gaban karant ɗin maƙwabci ita ce turjiyar da suka yi tarayya a kai, ɗauke da alamar ɗebewa, kuma dole ta fito iri ɗaya a ikweshan biyun. Kai ka sami −4 a na farko, ka sami +4 a na biyu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa biyu ya isa ya nuna maka layin da matsalar take ciki ba tare da ka taɓa kalkuleta ba.

Wannan ƙa'ida tana da iyaka, kuma ya kamata ka san iyakar tun yanzu don kada ta yaudare ka nan gaba. Idan da'ira tana da tushen wuta wanda ƙarfinsa ya dogara da wani boltej ko karant a wani reshe, irin wanda ake amfani da shi wajen wakiltar taransisto, to lambobin maƙwabta ba lallai ne su yi daidai da juna ba, kuma rashin daidaiton a nan ba kuskure ba ne. Haka kuma idan reshen da mesh biyu suka yi tarayya a kai yana ɗauke da tushen karant, ba za ka iya rubuta boltejinsa da dokar Ohm ba, sai dai ka haɗe mesh biyun ka zagaye su a matsayin zagaye ɗaya, sannan ka ƙara ikweshan da yake cewa bambancin karant biyun daidai yake da na tushen. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a da'irarka, don haka ƙa'idar tana aiki a kanta baki ɗaya.

Sai mu koma kan zaton da ka yi game da alƙibla, domin ina ganin idan ba a kawar da shi ba zai riƙa sa ka goge aikin da yake daidai. Karant ɗin mesh ba abu ne da ake bukatar a cinko alƙiblarsa daidai ba. Mun ƙirƙire shi ne don sauƙin lissafi, kuma amfaninsa shi ne yana cika dokar karant ta Kirchhoff da kansa, tun da duk abin da ya shiga mahaɗa a zagayensa yana fita daga gare ta. A reshen tsakiya ma babu mitar da za ta nuna maka I1 ko I2 daban, bambancinsu kawai za ta nuna. Domin ka tabbatar, mu juya karant ɗin mesh na dama ya saɓa wa hannun agogo, mu kira shi J. Yanzu I1 da J duka ƙasa suke yi a reshen tsakiya, don haka tara su ake yi:

```
(1)  6·I1 +  4·J = 20
(2)  4·I1 + 12·J =  4
```

Warware waɗannan yana ba da I1 = 4 A da J = −1 A, karant ɗin reshen tsakiya kuma 4 a tara da −1, wato ampiya 3 dai. Alamar ɗebewar da ta fito a nan gaskiya take faɗa, cewa ampiya 1 tana gudu ta kishiyar kibiyar da aka zana, kuma babu abin da za a gyara. Ka lura kuma cewa lambar maƙwabci ta zama +4 a layuka biyun, 12 ɗin ma tana nan a wurinta. Wato +4 sau biyu daidai ne, −4 sau biyu ma daidai ne, gwargwadon yadda aka zana kibiyoyi, amma ɗaya +4 ɗaya −4 babu zanen da zai haifar da shi.

Na ba ka makin zanen da'ira da na ikweshan na farko da na aljabara, na riƙe na ikweshan na biyu da na amsar ƙarshe. Idan kana son ka dawo da aikin a sake dubawa, ga abin da nake bukata. Ka sake zana da'irar, kuma a gefen rizisto mai om 4 ka zana ƙananan kibiyoyi biyu, ɗaya ta I1 tana kallon ƙasa, ɗaya ta I2 tana kallon sama, kafin ka rubuta ko da layi ɗaya. Sannan ka rubuta kowane ikweshan kana bin rassan ɗaya bayan ɗaya da bakin fensir, ba tare da ka kwafo komai daga layin da ya gabata ba. Bayan ka sami amsa, ka tabbatar da ita ta hanyar mahaɗa, wadda a wannan da'ira ikweshan ɗaya kawai take bukata, inda VA yake nufin boltejin A:

```
(20 - VA)/2 = VA/4 + (VA - 4)/8
```

Idan ka ninka kowane ɓangare da 8 za ka sami 84 = 7·VA, wato bolt 12, kuma tun da wannan hanya ba ta taɓa I1 ko I2 ba, shaidarta mai zaman kanta ce.

Daga nan ka maye gurbin batir mai bolt 4 da mai bolt 18, ka bar sauran abubuwa yadda suke, ka kuma juya karant biyun yadda hannun agogo yake juyawa. Na zaɓi wannan lamba da gangan, domin da za a cire reshen dama gaba ɗaya, boltejin A zai tsaya a kan 20 sau 4 a raba da 6, wato kusan bolt 13.3, kuma duk batirin da ya haura wannan adadi zai daina karɓar caji ya koma yana bayar da wuta. Saboda haka a wannan karon I2 zai fito da alamar ɗebewa ta gaskiya, kuma ina so ka rubuta da kalmominka abin da take nufi, ka nuna mini boltejin A ta rassan uku, wanda ya kamata ya kama bolt 14 a kowanne, sannan ka haɗa da lissafin wat na batura biyun da na rizisto ukun a shafi ɗaya.